Aman da Aka Ce Ciki Ne

Ni 'yar Kankiya ce, aure ya kai ni Kusada tun Turawa na mulki, lokacin da gyaɗa ce dukiyar ƙasa. Gidan mijina ba babba ba ne. Daga shi sai mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, sai ni. Mahaifinsa ya rasu tun kafin in zo. Inna tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma tun da na shiga gidan na zama hannunta na biyu. Mu soya gyaɗa a kasko, mu murje, mu niƙa, mu matse mai, mu mulmula tunkuza mu toya. Bangon gidan, tabarmi, zannuwanmu, har ruwan randa, komai ƙaurin mai yake yi.

Da aka gama kaka, aka kai gyaɗa sikeli, mijina ya bi samarin unguwa cin rani can Kudu. Ya bar mu mu biyu.

Inna mace ce mai ciwon kai, kuma tana ji da shi kamar wata sarauta. Nata yakan zo ne da rana ta karkata, bayan ta wuni sunkuye a kan kasko ko ta dawo daga kasuwa da tallan mai a ka. Sai ka ga ta yamutsa goshi, ta murza ƙeya, ta ce kamar an ɗaure mata kai da igiyar guga ana ja. Ta yagi ƙyalle ta ɗaure goshin tamau, ta jefa goro a baki, ta koma kan aikinta. Da kan nan a ɗaure take daka, take shara, take cin tuwo har da ƙari. Ba ƙarya take ba, ciwon na damunta. Abin da ya lalata mana zama shi ne, a wurinta duk duniya ciwon kai iri ɗaya ne, wato irin nata.

Nawa kuwa tun ina budurwa yake zuwa, jefi-jefi. Kafin ya sauka sai in ga wani ƙyalli a gefen idona, kamar hasken rana a kan ruwan kwano da aka girgiza, yana rawa yana faɗaɗa har in kasa ganin rabin fuskar wanda ke gabana. Ƙyallin na gushewa sai bugun ya fara, a ɓari ɗaya, yawanci hagu, daga bayan ido zuwa gefen kunne. Bugu ne mai bin bugun zuciya. In na sunkuya ya ƙaru, in na taka ya ƙaru. Haske ya zama kamar allura, ƙarar taɓarya daga gidan maƙwabta ta zama kamar a cikin ƙoƙon kaina ake dakan. Daga nan zuciyata ta fara tashi. A gidanmu na Kankiya in ya zo sai in shige ɗaki a sake mini asabari, ba mai ce mini kanzil. Barci ne ke raba ni da shi, wani lokaci sai ya kwana ya wuni.

Lokacin da mijina ke gida ciwon ya zo mini kaɗan, kuma mijin nawa ya rufa mini asiri. Amma da bazara ta kama, zafi ya yi zafi, aiki ya ƙaru don ba namiji a gida, sau da yawa ba ma cin komai sai an sauke kasko na ƙarshe, sai ciwon ya riƙa zuwa a kai a kai.

Ranar da ya fara kayar da ni a gaban Inna, muna tsakiyar tuya. Ƙaurin man ya daki hancina, na ruga bayan rumbu na amayar da kunun safe. Na rarrafa zuwa ɗaki na kifa fuska a bango.

Inna ta biyo ni ta yaye asabari, rana ta faɗo a kaina.

"Mi ya same ki?"

"Kaina ne, Inna. Don Allah a saki asabarin."

"Kai? To kawo in ɗaure maki."

Ta ɗaure mini goshi da ƙyallenta mai maiƙo, wanda ya sha gumi da man gyaɗa har ya yi baƙi. Warinsa kaɗai ya sake tayar mini da zuciya. Da ta ga haka sai ta kawo garwashi a katangar fasasshiyar tukunya, ta zuba wasu saiwoyi da tsumma, ta lulluɓe ni da zane ta ce in shaƙa. Na shaƙi hayaƙin sau ɗaya na yi amai a kan garwashin. Har yau in na tuna warin nan, na amai a kan wuta, sai yawu ya taru mini a baki. Ta ja da baya tana kallona.

Da abin ya sake faruwa, ya kuma sake, sai na lura kallon da Inna ke yi mini ya sauya. Ba fuskata take kallo ba, ƙirjina take kallo da cikina. In na ɗaura zane sai idonta ya bi inda na soke shi. Matar maƙwabcinmu, wadda dangarmu ɗaya, ta taɓa leƙowa ta gan ni durƙushe bayan rumbu. A kwanakin nan na je rijiya na iske mata suna hira, suka yi tsit. Wata ta ce mini, "Sannu da nauyi," alhali ko tulun ban ɗauka ba tukuna. Sauran suka rufe baki da gefen mayafi.

Sai a hanyar komawa na fahimci abin da ake nufi. Mijina ya tafi tun kaka, ga shi ana tsakiyar bazara, ga matarsa tana amai tana ɓuya a ɗaki, ba ta son ƙamshin mai. Na tsaya a hanya da tulu a ka, jikina duk ya yi mini ƙazanta, kamar an watsa mini ruwan kwata.

Inna ba ta daɗe ba ta fito fili. Muna tsince gyaɗa a tsakar gida ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ke, ni fa na girmi ciwon kai. Tun kahin a haihi mijinki nake fama da shi. Ban taɓa amai ba. Ban taɓa gudun rana ba kamar jemage. Ciwon kai ba ya sa amai. Abin da ke sa mace amai da ƙin ƙamshin mai, kowa ya san shi."

Na ce, "Inna, ai kin ga ina fashin salla."

"Na ga kina kwance a ɗaki kin ce kina fashi. Ni na shiga zanenki?"

Wannan ita ce matar da nake durƙusa wa kowace safiya, nake kai wa ruwan alwala. Kunya ce ta ɗaure mini baki, kuma ita kunyar ma ta ba ni haushi, don da ita aka yi amfani aka danne ni. Gaskiyar magana, ciwon ya fi zuwa ne daidai lokacin fashin sallar, amma yaya zan buɗe baki in yi wa uwar mijina wannan bayani?

Washegari ta kira ungozomar unguwa. Tsohuwa ce mai cin taba gari, haƙoranta jawur, faratanta cike da baƙin datti. Ta sa na kwanta a tabarma, Inna na tsaye a bakin ƙofa. Ta kwance mini zane ta danna cikina nan da can, ta matsa ƙirjina kamar mai taya akuya a kasuwa, ta buɗe idona da yatsa. Numfashinta na taba da daddawa yana sauka a fuskata. Ta gama ta goge hannu a zanena, ta tofar da yawun taba a gindin bangon ɗakina.

Ta ce wa Inna, "Ban ji komi a hannu ba. Amma in ma akwai, ƙila kwantacce ne. Na ɗanki ne ya kwanta, yanzu yake motsi."

Ita a ganinta alheri ta yi mini, ta ba ni mafaka. Ni kuwa wannan alherin ya fi zagin ƙona mini rai. Ba ta ce babu ba. Ta bar ƙofa a buɗe kowa ya shiga da abin da yake so. Kafin la'asar duk unguwa ta ji cewa ungozoma ta duba ni, kuma ba wanda ya damu da abin da ta samu. Dubawar kaɗai ta ishe su.

Yayana ɗinki yake yi, yana bin kasuwanni da kekensa a bayan jaki. Ran kasuwar Kusada ya zo, kuma a rumfar da ya kafa keke ya ji labarin, daga bakin mutanen da ba su san ƙanwarsa ake nufi ba. Ya naɗe kayansa ya zo gidan. Ya durƙusa ya gai da Inna kamar yadda ya kamata, ya tambayi labarin mai gida. Sannan ya ce, "Inna, na ji yarinyar nan ba lafiya."

"Haka ta ce."

"Ciwon mahaifiyarmu ne, Allah Ya jiƙanta. Ina yaro na sha ganin ta shige ɗaki ta rufe, a hana mu wasa a tsakar gida, a ajiye mata kasko don amai. In kin yarda, gobe in kai ta asibitin garinmu malamin asibiti ya duba ta."

Ni ban san wannan ba, don ina ƙarama ta rasu. Inna ta ce, "To da ni za a tahi. In ji da kunnena."

Muka fita da sassafe, Inna a kan jakin, ni da Yaya a ƙasa. Ranar kaina lafiya lau, abin da ya ƙara mata ƙarfin zargi. Ta ce wa Yaya mai ciwo ba ya tafiya haka. Gonaki duk an share ana jiran ruwa, ƙasa fara fat. Na ja mayafi na rufe ido, ina roƙon Allah kada hasken ya tayar mini da shi a hanya.

Asibitin En'e ne ƙarami, ɗaki da baranda. Mutane cike a barandar, masu gyambo sun miƙe ƙafafu ƙudaje na bi, wata mata riƙe da yaro ido duk ƙwantsa, ga warin maganin wanke ciwo ya gauraya da na ruɓa. Muka zauna a cikinsu har rana ta take. Malamin asibitin Bahaushe ne, mai matsakaicin shekaru, ya gaji, farar rigarsa ta yi dabbare-dabbare da shuɗin magani. Likita Bature sai lokaci-lokaci yake zuwa daga Katsina, saboda haka komai a kansa yake.

Yaya ya yi masa bayani a taƙaice, bai ambaci zargin ba. Inna ce ta ambata, da babbar murya, har na baranda suka juyo.

"Malam, mijinta ba ya gari tun kaka, ga ta tana amai. Ta ce kai ne. Ni ma ina ciwon kai, ban taɓa amai ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Malamin ya dube ta, ya tura ƙofa ya rufe. Ya fara da ni. Ya taɓa goshina, ya sa na sunkuyar da kai har haɓata ta taɓa ƙirji. Ya tambaya ko ciwon na zuwa da zazzaɓi, ko wuyana na ƙagewa, na ce a'a. Ya ce dole ya fara da nan, don lokacin zafi ne, kuma ciwon kai da amai in suka haɗu da zazzaɓi da ƙagewar wuya, sanƙarau ake tsoro, ba a kwana da shi a gida.

"Nuna mini inda yake kama ki."

Na ɗora hannu a kan idon hagu zuwa kunne.

"Matsewa yake ko bugawa?"

"Bugawa, Malam."

"In kina daka fa?"

"Ba na iyawa. Ko sunkuyawa ba na iyawa."

Ya tambayi haske, ya tambayi ƙara, ya tambayi wari. Ya tambaya ko ina ganin wani abu kafin ya zo. Na ba shi labarin ƙyallin, abin da ban taɓa gaya wa kowa a Kusada ba don kada a ce iskoki ne. Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa abin da yake jira. Ya tambaya, in ya wuce, ko aman na ci gaba. Na ce in ya wuce sai gajiya kawai, in ci abinci kamar kowa har sai ya sake dawowa. Sannan ya kawar da kai gefe ya ce, "Akwai lokacin da ya fi zuwa?" Na ce, a hankali, "Wajen fashin salla." Ya ce haka yake yi wa mata da yawa.

Sai ya juya ga Inna. "Iya, naki fa, ina yake kamawa?"

Inna ta gyara zama, ta ji an zo kan abin da ta ƙware. Ta zagaya kanta da hannu biyu, daga goshi zuwa ƙeya, ta gangaro wuya. Ta ce matsewa yake kamar an kifa mata turmi. Ya tambaya ko yana hana ta aiki, ta ce Allah Ya kiyaye, ita ba raguwa ba ce. Ko tana cin abinci? Tana ci. Rana fa? Ta ce ina ruwanta da rana.

Ya ce, "To Iya, ciwo biyu ne, sunansu ne kawai ɗaya. Naki na gajiya ne da ɗaurewar wuya, daga sunkuyo da dakon kaya da tunani. Yana kama kai duka, yana matsewa, ba ya sa amai, mutum na aikinsa da shi. Nata shi ake kira ciwon ɓarin kai. Yana bugawa, motsi na ƙara shi, yana tayar da zuciya, mai shi ba ya son haske ko ƙara. Yana bin jini, ga shi an ce mahaifiyarta ta yi."

Inna ta ce, "Aman fa?"

"Aman na cikin ciwon. Akwai wani maƙeri da ke zuwa nan, gemunsa har ƙirji, in nasa ya tashi amai yake kamar zai fid da hanji. Shi ma ciki gare shi?"

Yaya ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Malamin ya ce shi ba shi da abin auna ciki a nan, wannan watanni ne za su nuna, amma duk abin da na faɗa ya san shi, kuma ba ya buƙatar ciki kafin ya bayyana shi.

Ya naɗe mini ƙwayoyin asfirin a takarda. Ya ce in sha da zarar na ji alamarsa, kada in jira ya yi ƙarfi, don in amai ya fara maganin ba ya zama. In shiga wuri mai duhu, in jiƙa tsumma mai tsabta in ɗora, in yi barci in na samu. Kada in zauna da yunwa ko ƙishirwa, kuma a daina yi mini hayaƙi. Bai ɓoye mini ba, ya ce ba warkewa ake yi ba, lallaɓa shi ake yi. In wata rana ya zo da wata kama dabam, ko da zazzaɓi, a kawo ni ba jira. Inna ta miƙa hannu ita ma ya ba ta nata, ya ce ta rage sunkuyo, a riƙa murza mata wuya, kuma kada ta mai da ƙwayar goro, tana cin ciki.

A hanyar komawa Inna na kan jaki har muka hango bishiyoyin Kusada. Sannan ta ce wa Yaya, ba ni ba, "Yaran asibitin nan akwai baki."

Ba ta taɓa ba ni haƙuri ba. Abin da ta yi shi ne, ta daina yaye mini asabari, kuma in na shige ɗaki takan kai kaskon tuya can bayan gida. Ƙwayoyinta ta shanye su cikin 'yan kwanaki, ta fara zuwa tana roƙon nawa, tana cewa ai duk kai ne. Matan rijiya kuwa ba wadda ta je ta gaya masu abin da malamin ya ce. Suka ci gaba da kallon cikina wata bayan wata, da suka ga bai taso ba sai wasu suka ce an zubar a Kankiya. A nan na gane ba amsa suke nema ba. Na daina gaishe su in ba dole ba, na koma zuwa rijiya lokacin da ba kowa.

Daga baya, da Allah Ya ba ni ciki na gaskiya, ciwon ɓarin kan ya ɗauke mini kusan gaba ɗaya har na haihu, sannan ya dawo abinsa. Laulayin ma da na yi bai yi kama da wancan aman ba ko kaɗan. Inna ta gani da idonta. Amma wannan sai bayan shekara.

Mijina ya dawo da ruwan fari, ya rame, ya yi baƙi, ya kawo wa Inna turmin atamfa ni kuma kwanon sha mai murfi. Na bari ya huta, ya gaisa da mutane. Da muka keɓe na ba shi labari tun daga bayan rumbu har ungozoma har asibiti. Ya saurara yana gyara ƙotar fartanya. Na zaci zai tashi, ko ya yi wa wani magana, ko ya ce mini sannu.

Ya ce, "To ai ya wuce. Kin san Inna. Kada ki tayar da magana, mutane su ce akwai wani abu."

Na dube shi. Ya ɗaga fartanyar yana auna ko ƙotar ta miƙe, ya tambaye ni ko akwai sauran irin gero a rumbu. Na ce akwai. Na tashi na ɗauko masa, don an ce da asuba za a fita shuka.